Rigima a wurin aiki: inda za ki tsaya, inda za ki sauko, da inda za ki kau da kai

Assalamu alaikum. Ni akanta ce a wani kamfani, kuma ni ke rufe lissafin kashe-kashen wata. Ƙa'ida ita ce kowane sashe ya kawo takardunsa ranar 25, ni kuma in miƙa rahoto ranar 28. Wata biyar ke nan shugaban ma'aikatan da ke fita aikin waje, wanda matsayinmu ɗaya da shi, ba ya kawo nasa sai 27 ko 28, kuma cikin takardu kimanin arba'in ba a rasa biyar ko shida marasa rasit, ya ce in wuce da su zai kawo daga baya. Na yi ta haƙuri ina kaiwa dare a ofis. A makon jiya da na mayar masa da wasu, sai ya ce a gaban taro ni ke hana a biya yaransa haƙƙinsu. Ban tanka ba, amma tun ranar ba na barci sosai. Ƙawata ta ce mu sasanta a kan ranar 26 in kuma riƙa ɗaga masa ƙafa a kan rasit, mijina ya ce in kai ƙararsa wurin manaja. Wanne zan bi?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarar ƙawarki da ta maigidanki kowacce tana da wurin da ta dace, amma idan kika ɗauki ɗaya kika shimfiɗa ta a kan al'amarin gaba ɗaya za ki yi asara, domin abin da ke tsakaninki da wannan abokin aiki rigingimu uku ne da suka cuɗe har suka yi kama da ɗaya. Akwai maganar rasit, akwai maganar rana, akwai kuma abin da ya faɗa a gaban mutane. Kowacce da irin hannun da za a kama ta da shi.

A shekarar 1974 wasu masana halayyar ma'aikata guda biyu, Kenneth Thomas da Ralph Kilmann, suka fitar da wani ma'auni da har yanzu ake amfani da shi wajen horar da shugabannin ma'aikata. Sun gina shi a kan tambayoyi biyu kacal: yaya ƙarfin da mutum ke sawa wajen neman biyan buƙatarsa, kuma yaya ƙarfin da yake sawa wajen ganin buƙatar ɗayan ta biya. Daga nan salo biyar suka fito. Wanda ya matsa a kan tasa buƙatar bai kula da ta ɗayan ba, shi ne mai tsayawa kai da fata. Wanda ya saki tasa domin ta ɗayan ta biya, shi ne mai sakarwa. Wanda bai nemi tasa ba bai kuma nemi ta ɗayan ba, ya dai bar maganar a kwance, shi ne mai kau da kai. Wanda ya ce kowa ya sauko kaɗan a rabu lafiya, shi ne mai sasantawa. Na biyar shi ne wanda ya zauna da abokin rigimarsa suka tono abin da kowa ke buƙata a haƙiƙa har suka gano hanyar da za ta biya musu duka, wato mai haɗa kai. Abin da ya fi muhimmanci a koyarwarsu, wanda kuma aka fi mantawa da shi, shi ne ba su ce akwai salo mai kyau da salo marar kyau ba. Kowanne yana da lokacinsa, kuma yawancin wahalar da mutane ke sha tana zuwa ne daga salo ɗaya da suka saba da shi, suna ɗauko shi a kowace rigima ko ta dace da shi ko ba ta dace ba.

Naki salon, bisa ga abin da kika rubuta, kau da kai ne haɗe da sakarwa, kuma ba na ganin laifinki da kika fara da shi. A watan farko daidai kika yi, domin jinkiri na sau ɗaya yana iya zama tsautsayi, kuma ba kowane abu ne ya cancanci a buɗe masa baki ba. Kau da kai yana da amfani idan abin ƙarami ne, ko zai wuce da kansa, ko rai ya ɓaci ana buƙatar a huce, ko kuma mutum bai gama tattara bayanai ba. Alamar da ke nuna cewa ya daina amfani ita ce abin ya maimaitu, kuma nauyin ya riƙa sauka a kan mutum ɗaya. A wata na uku shirunki ya riga ya zama amsa. Shi a wurinsa ranar 27 ta zama halas tunda kullum rahoto yana fita ranar 28, kuma bai ga daren da kike kaiwa ba. Wannan ne ma ya sa ya ji zafi da kika mayar masa da takardu, saboda a ganinsa ke ce kika sauya ƙa'ida ba zato ba tsammani, alhali ƙa'idar tana nan tun farko, ke ce dai kika daina rufe masa ɓarakar. Na faɗi haka ne domin ki shiga maganar da sanin yadda abin yake a idonsa, ba domin in wanke shi ba.

Mu fara da rasit, domin nan ne shawarar ƙawarki take da haɗari. Sasantawa tana aiki ne a kan abin da yake rabuwa kuma yake mallakin masu rigimar, kamar lokaci, ko wurin zama, ko wanda zai fara amfani da wata na'ura. Ƙa'idar rasit ba taki ba ce balle ki yanko masa rabi. Idan kuka daidaita a kan cewa za ki riƙa wucewa da uku maimakon shida, har yanzu kin sa hannu a kan kuɗin da babu shaidar an kashe su, kuma ranar da masu binciken kuɗi suka zaro fayil, sa hannunki za su gani a kan baucar, ba alkawarin da ya yi miki da baki ba. Ko da mutumin kirki ne kuma duk kuɗin an kashe su a kan aiki, wannan ba ya sauya matsayinki. A nan salon da ya dace shi ne tsayawa kai da fata, kuma wannan yana cikin wuraren da aka san ya dace: inda ake maganar doka, ko amana, ko lafiyar mutane, ko inda sassauci zai sa a ci gaba da hawa kan mutum.

Sai dai mutane da yawa suna ɗaukar tsayawa kai da fata a matsayin ɗaga murya, shi ya sa masu sanyin hali irinki suke gudunsa. Ba ya buƙatar faɗa ko kaɗan. Abin da yake buƙata shi ne magana ɗaya da ba ta sauyawa, wadda aka jingina ta da ƙa'ida ba da halin mutum ba. Kina iya ce masa: "Malam, daga wannan watan duk takardar da ba ta da rasit ba zan iya shigar da ita ba, domin ba ni da ikon yin haka. Wadda ta cika zan wuce da ita a ranar, wadda ba ta cika ba za ta jira rasit ɗinta." Idan ya kawo uzuri, ki saurara har ya gama, ki nuna kin fahimta, sannan ki maimaita maganar kamar yadda take. Kada ki ƙara hujjoji, domin kowace sabuwar hujja ƙofa ce ta sabuwar gardama. Kuma ki lura da cewa kin tsare abu ɗaya ne tak: takardu talatin da huɗu masu rasit ba za su makale saboda shida ba. Wannan shi zai kashe zargin da ya yi miki na hana mutane haƙƙinsu.

Akwai tambayar da ya kamata ki yi kafin ki kulle wannan ƙofar. Me ya sa kullum biyar ko shida ne? Idan irin kashe-kashen da ba a saba bayar da rasit a kansu ba ne, kamar ƙananan kuɗin sufuri, to matsalar ta tsari ce, kuma kamfanoni da yawa suna da fom na musamman da ma'aikaci ke cikewa, shugabansa ya sa hannu, a karɓe shi a madadin rasit har zuwa wani adadi. Ki duba ko naku yana da shi. Idan babu, ku nemi shugaban sashen kuɗi ya duba yiwuwar samar da shi. Wannan ba saukowa ba ce daga matsayinki, domin mai ikon sauya ƙa'ida ne zai sauya ta a rubuce, ba ke ba a ɓoye. Idan kuwa kika ga masu takardun marasa rasit mutum ɗaya ko biyu ne kullum, kuma kuɗin masu kauri ne, to maganar ta wuce saɓanin abokan aiki, wajibinki ne ki sanar da shugabanki kai tsaye.

Maganar rana kuwa daban take, kuma a nan ne nake son ki fi ba da lokaci. Ranar 26 tana da daɗin ji saboda tana tsakiya, amma ki auna ta da abin da kowannenku yake buƙata. Ke kina buƙatar kwana uku na aiki tsakanin karɓar takardu da miƙa rahoto, don haka ranar 26 ta cinye miki kwana ɗaya. Shi kuma, idan dalilin jinkirinsa shi ne ma'aikatansa ba sa dawowa daga waje sai 26 ko 27, to ranar 26 ma ba zai iya cika ta ba, ko ya yi niyya. Sakamakon shi ne ke kin rasa kwana, shi ya ɗauki alkawarin da zai karya, kuma a wata na gaba za ku dawo inda kuke, da ƙarin ɓacin rai na saɓa alkawari. Wannan shi ne babban aibin sasantawa idan aka yi gaggawarta: ana raba abin da aka faɗa da baki, ba a taɓa dalilin da ya sa aka faɗe shi ba.

Mary Parker Follett, wadda ta yi rubuce-rubuce a kan tafiyar da ma'aikata tun shekarun 1920, ta ba da wani misali daga rayuwarta da ya dace da halinki. Tana zaune a wani ɗaki na laburare, wani yana son a buɗe taga, ita kuma tana son a bar ta a rufe. Da a ce sun sasanta, da sun buɗe rabi, kowa ya zauna cikin rashin jin daɗi. Sai aka gano cewa shi iska yake so ta shigo ɗakin, ita kuma ba ta son iskar ta riƙa bugunta kai tsaye, sai suka buɗe tagar ɗakin da ke maƙwabtaka, inda babu kowa. A 1981 Roger Fisher da William Ury suka yaɗa wannan tunani da bambancewa tsakanin matsayin da mutum ya ɗauka da buƙatar da ke ƙarƙashinsa. Matsayinki shi ne ranar 25, amma buƙatarki ita ce alƙaluma sahihai da isasshen lokacin tantance su. Matsayinsa shi ne ki karɓa duk ranar da ya kawo, amma buƙatarsa, in za mu yarda da abin da ya faɗa cikin fushi, ita ce a biya mutanensa a kan kari kada su riƙa damunsa.

Idan haka ne, ga irin mafitar da za ku iya kaiwa gare ta. Kashe-kashen wata ba a rana ɗaya ake yin su ba. Mu ƙaddara cikin takardu arba'in ɗin nan, kimanin talatin na abubuwan da aka kashe ne kafin ranar 18, suna dai zaune a jakunkunan ma'aikata ko a teburinsa ana jiran a haɗa su gaba ɗaya. Idan ya kawo waɗannan ranar 20, kin sami kwana biyar kina tantance su a natse, kuma duk wadda ba ta da rasit an gano ta da sauran lokacin nemowa. Sauran goman, ranar 25 ya aiko miki da jerinsu da adadin kowacce, ko da hotunan rasit ne ta waya, ki shigar da su a matsayin kashe-kashen da aka yi amma ba a biya ba tukuna, wanda abu ne sananne a aikinku, takardun asali kuma su iso kafin a saki kuɗi. Ta haka rahotonki zai fita ranar 28 ba tare da kin kai dare ba, kashi uku cikin huɗu na kuɗin mutanensa kuma za su iya fita da wuri fiye da yadda suke fita yanzu. Ban ce lallai wannan ce mafitar ba, domin ta dogara ga ainihin dalilin jinkirin da kuma amincewar shugaban sashenku, wanda dole ki nemi izininsa kafin ki yi alkawarin karɓar hoto ko yin biya sau biyu a wata. Na kawo ta ne domin ki ga cewa tambayar "me ke hana takardun isowa ranar 25?" tana iya buɗe hanyar da jayayya a kan 25 da 27 ba za ta taɓa buɗewa ba.

Haɗa kai yana da tsada, kuma ba zan ɓoye miki ba. Yana cin lokaci, yana buƙatar kowa ya faɗi gaskiyar halin da yake ciki, kuma mutum ɗaya ba ya yin sa. Na ba ki shawararsa a nan ne saboda abin yana dawowa kowane wata, kuma za ku ci gaba da aiki tare, don haka awa ɗaya da za ku kashe yanzu za ta fanshi darare masu yawa. Za ki gane ko yana tafiya tun a zaman farko. Idan ya fara ba ki bayani na zahiri, kamar ranakun da mutanensa ke dawowa da wanda ya fi jinkiri a cikinsu, ko ya kawo tasa shawarar, to ya shigo. Idan kuwa duk tambayar da kika yi sai ya mayar da ita zargi, ko ya amsa da "to, za a duba" ba tare da rana ko adadi ba, to kau da kai yake yi, kuma ci gaba da lallashi ɓata lokaci ne. A wannan hali ne sasantawa take da wuri, a matsayin matakin wucin gadi: misali ki karɓi ranar 26 na wata biyu kacal, da sharaɗin duk abin da ya iso bayanta ya tafi lissafin wata mai zuwa, kuma a rubuta hakan.

Saura maganar taro, wadda na san ita ce ta fi ci miki rai. Shirun da kika yi a wurin daidai ne, kuma kada ki ɗauke shi a matsayin gazawa. Da kin mayar masa a gaban jama'a, da kowannenku ya koma kare mutuncinsa, maganar takardu kuma ta ɓace. Masu bincike irin su Karen Jehn, a aikinta na 1995, sun bambanta saɓani a kan aiki da saɓani a kan dangantaka, kuma na biyun shi ne wanda aka fi ganin yana rage gamsuwar ma'aikata da sha'awarsu ta zama a rukuni. Abin da ya faru a taron nan shi ne saɓanin aiki ya fara rikiɗewa zuwa na dangantaka, kuma aikinki shi ne ki mayar da shi inda ya fito. Amma kau da kai na wannan lokacin jinkirtawa ne, ba binnewa ba. Ki faɗa masa sau ɗaya, ku biyu, a taƙaice: abin da ya ce, abin da ya jawo, da abin da kike so nan gaba, wato idan yana da ƙorafi a kan biya ya zo wurinki kafin ya kai shi taro. Bayan nan ki sakar masa abu ɗaya da gangan: kada ki nace sai ya ba ki haƙuri a gaban waɗanda suka ji. Neman hakan zai iya cinye duk zaman, kuma abin da zai wanke ki a idon mutane shi ne su ga ana biyansu da wuri, ba kalmar da aka matso daga bakinsa ba. Idan ya sake yi bayan kin yi masa magana, to ba a sake sakar masa.

Game da manaja, shawarar maigidanki tana da gaskiya, lokacinta ne bai yi ba tukuna. Kai ƙara wani nau'i ne na tsayawa kai da fata da aron ƙarfin wani, kuma idan kika fara da shi, tambayar farko da za a yi miki ita ce ko kin yi magana da abokin aikin naki, amsarki kuwa a yanzu ita ce a'a. Ko kin yi nasara, za ki sami abokin aiki mai bin umarni da ƙyar yana jiran ranar da za ki yi kuskure. Amma akwai bambanci tsakanin kai ƙara da sanarwa. Tun kafin ki zauna da shi, ki gaya wa shugaban sashenki cewa za ki daina karɓar takarda marar rasit kuma kina neman daidaita ranakun, ki kuma faɗa masa gaskiya idan akwai waɗanda kika riga kika wuce da su a watannin baya da har yanzu rasit ɗinsu bai zo ba. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga mai bincike. Wannan kuma zai tabbatar miki cewa idan abokin aikin naki ya haura sama da ƙorafi, ba za a juya miki baya ba. Idan shugaban ya ce ki ci gaba da wucewa da su, ki nemi ya ba ki umarnin a rubuce.

Yadda za ki jera zaman yana da tasiri. Ki zaɓi farkon wata, lokacin da babu takarda a tsakaninku, ki nemi rabin awa a wurin da babu 'yan kallo. Ki tafi da 'yar takarda mai nuna watanni biyar ɗin: ranar da takardu suka iso, yawansu, da yawan marasa rasit, ba tare da wata kalma ta siffanta shi ba. Ki fara da maganar rana, domin nan ne kike da abin ba shi, kuma ki fara da tambaya, ki bar shi ya yi bayani. Maganar rasit ta biyo baya, bayan ya ga cewa ba yaƙi kika zo yi ba, maganar taro kuma ta zo a ƙarshe cikin jimla biyu ko uku. Ki kiyaye tarko ɗaya da kusan tabbas zai ɗana, ko da ba da mugun nufi ba, wato ya ce zai kawo da wuri idan ke ma kika sassauta a kan rasit. Ki raba su nan take, ki ce ranaku kuna iya tsara su tare, rasit kuwa ba a hannunki yake ba.

A ranar da kuka gama, ki aika masa da imel na layi huɗu ko biyar mai ɗauke da abin da kuka amince a kai, da ranakun, ki sa shugaban sashenki a kwafi, ki kuma nemi ya amsa cewa haka ne. Ku gwada tsarin wata biyu. Idan ranar 20 ta zo babu kashin farko, ki tuna masa sau ɗaya a rubuce. Idan ranar 25 ta wuce babu jerin, ki rufe lissafinki da abin da ke hannunki, ki rubuta a rahoton cewa takardun sashensa ba su iso ba, ki tashi a lokacin tashi, sannan ki ɗauki 'yar takardar nan ta watanni biyar ɗin da imel ɗin ki nemi ganin manaja.